Sakan 45 Don Koya Wa Mutum Aika Kuɗi Da Waya

A watan Maris na 2007 kamfanin Safaricom ya ƙaddamar da M-Pesa a Kenya. Tun a lokacin tsarin yana iya abubuwa da dama: a ajiye kuɗi, a cira, a sayi katin waya. Asalinsa ma, sa'ad da aka gwada shi a 2005, an yi shi ne domin masu ƙaramin bashi su riƙa biya ta waya. Amma da aka zo talla, sai kamfanin ya ajiye duk waɗannan ya ɗauki magana guda: aika kuɗi gida. A tallar talabijin ɗin, wani matashi ma'aikaci a birni yana danna wayarsa, sai takardun kuɗi su tashi daga cikinta su bi iska har wurin iyayensa a ƙauye. Babu wanda ya taɓa ganin kuɗi suna tashi sama da idonsa, zana su aka yi aka ɗora a kan hoton. Duk da haka wanda ya kalla ya gane abin da ake nufi ba tare da dogon bayani ba.

Wannan shi ne amfanin zane mai motsi a harkar kuɗin waya. Mai sayar da atamfa yana da abin da zai nuna wa kyamara. Mai kuɗin waya ba shi da shi, domin abin da yake sayarwa yana faruwa ne a cikin na'urorin kamfani, inda ake rage lamba a asusun wani a ƙara a asusun wani. Idan ka ɗauki hoton mutum yana danna waya, yatsa da ƙyallin gilashi kawai za ka samu. Dole sai an zana abin da ba a gani, a sa rubutu da alamomi da lambobi su motsa bisa tsari, sannan mai kallo ya san inda kuɗinsa suke a kowane mataki.

Ra'ayina shi ne yawancin irin waɗannan bidiyoyi da ke yawo a wayoyinmu sun ɗauki motsin a matsayin ado. Tambarin kamfani yana juyi, taurari suna fashewa, kiɗa yana tashi, an gama, mai kallo bai san lambar da zai danna ba. Aikin motsi a nan irin aikin yatsan malamin allo ne: inda ya ɗora shi, nan idon almajiri yake, kuma ba ya ɗagawa sai an karanta harafin. Domin a ga yadda hakan ke kasancewa a aikace, bari mu ɗauki aiki guda mu bi shi daga farko.

Aikin da za mu yi

A ce an ba mu aikin bidiyo na sakan 45 da Hausa, domin mazauna zango a Gana, kan yadda ake aika kuɗi ta MTN MoMo, wanda ya fara aiki a ƙasar a 2009. Lambar da ake dannawa ita ce `*170#`. Labarinmu na saurayi ne da ke zaune a Nima cikin Accra, yana son aika wa mahaifiyarsa sidi 200 a Bawku.

Faɗa na farko da mai zane zai yi ba da kwamfuta ba ne, da mai ba da aikin ne. Idan ka danna `*170#` za ka ga jerin abubuwa: aika kuɗi, biyan kuɗin kaya da na wuta, sayen kati da data, ba da izinin cire kuɗi, da sauransu. Jami'in talla zai so a ambaci kowanne, tunda ya biya. Lissafi ne kawai zai raba gardamar. Mai magana da Hausa a natse, yadda dattijo zai bi shi, yana faɗin kalma biyu ne ko ɗan fiye a sakan guda. Ke nan sakan 45 ba zai ɗauki fiye da kalmomi 90 zuwa 100 ba. Idan aka raba su ga hidimomi shida, kowace ta samu jimla ɗaya, wadda ta isa a ambaci sunanta amma ba ta isa a koya ta ba. In dai ana son shida, a yi bidiyo shida.

Daga nan sai rubutun murya, kuma shi ake fara yi kafin a zana ko layi ɗaya. Ga irin wanda zai dace:

"Inna tana Bawku, kai kana Nima. Ga yadda za ka aika mata kuɗi. Danna tauraro, ɗaya, bakwai, sifili, sai gidan dara. Ka kira. Zaɓi ɗaya. Sake zaɓar ɗaya. Sa lambar Inna, ka maimaita ta. Sa yawan kuɗin. Nan ka rubuta kalma ɗaya ta tunatarwa. Yanzu tsaya. Duba sunan. Sunan Inna ne? Idan shi ne, sa lambar sirrinka. Kuɗi sun isa. Saƙo ya zo maka, ya zo mata. Za ta karɓa a wurin wakili mafi kusa. Lambar sirrinka taka ce kai kaɗai. Kada ka faɗa wa kowa, ko da ma'aikacinmu ne."

Kalmomin sun kusa 90, kuma babu "cikin sauƙi", babu "cikin ƙiftawar ido", babu "abokin tafiyarka na yau da kullum". Kowace jimla umarni ce ko labarin abin da ya faru. A ɗauki muryar tun kafin zane, ko da a waya ce a matsayin gwaji, domin tsawon kowace jimla shi zai yanke tsawon kowane motsi. Wanda ya fara zane sannan ya nemi cusa murya a ciki, ƙarshensa ya sa mai magana yin gudu kamar mai karanta sanarwar rasuwa saura minti ɗaya a rufe tasha. Kuma a nemo mai muryar daga cikin zangon. Hausar Nima ba ta Kano ba ce, kunnen mutanen wurin yana gane baƙo tun daga gaisuwa.

Lura da abin da rubutun bai faɗa ba: yawan kuɗin. Da gangan ne. A 2007 Gana ta sauya kuɗinta, sidi 10,000 na da suka koma sidi ɗaya, amma har yau akwai masu ƙirga da tsohon lissafi a baki, wanda a wurinsu sidi 200 miliyan biyu ne. A Nijar abin ya fi haka, domin Bahaushen Maraɗi ko Damagaram da dala yake ƙirga, dala kuwa sefa biyar ce, jika ɗaya kuma sefa 1,000. Idan murya ta ce "ɗari" allo ya nuna 100, mai kallo zai ji sefa 500 da kunne ya ga 100 da ido. Mafita ita ce a bar adadin ga allo, a rubuta shi yadda za a danna shi a waya, murya ta ce "sa yawan kuɗin" ta wuce.

Raba sakan 45

Bayan murya sai takarda da biro. Ana zana akwatuna, kowane akwati hoto guda, a ƙarƙashinsa a rubuta jimlar da za a ji da sakan nawa zai ɗauka. Gyara a wannan mataki kyauta ne, goge biro kawai. Gyara bayan an haɗa komai a kwamfuta yini ne guda.

Sakan biyar na farko na labari ne: taswirar Gana a sauƙaƙe, ɗigo a kudu, ɗigo a can arewa maso gabas, saurayi da Inna. Kada a buɗe da tambarin kamfani. Mai kallon sitatus yatsansa yana kan gilashi, da ya ga alamar talla ce zai tura gaba. Daga sakan 5 zuwa 11 danna lambar. Daga 11 zuwa 16 zaɓi biyun: `1) Transfer Money`, sannan `1) MoMo User`. Daga 16 zuwa 24 lambar mai karɓa sau biyu, adadin kuɗi, da gurbin `Reference`. Daga 24 zuwa 34 duba suna da lambar sirri. Daga 34 zuwa 40 isar kuɗi da zuwa wurin wakili. Sauran biyar na gargaɗi ne da tambari, tare da `*170#` a rubuce da girma.

Wanda ya duba rabon zai ga cewa mataki guda ya cinye sakan goma, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bidiyon, alhali a ido shi ne mafi rashin armashi: rubutu ne kawai a allo. Dalili kuwa shi ne a nan ake asarar kuɗi. Wanda ya yi kuskuren lamba ɗaya cikin goma, kuɗinsa sun tafi wurin baƙo, dawo da su kuma sai an bi ta kamfani da jira da roƙo. Abin da ke tsakaninsa da wannan wahala shi ne allon da ke nuna sunan mai karɓa kafin a sa lambar sirri, kuma mutane da yawa suna tsallake shi ba su karanta ba. Idan bidiyon bai koyar da komai ba sai tsayawa a wannan wuri, ya biya kuɗinsa.

To yaya ake sa mutum ya tsaya da zane? Da dakatar da komai. Idon mutum yana bin abin da ke motsi ko ya so ko bai so ba, saboda haka a cikin sakan 24 na farko mun saba masa da motsi a kai a kai. Da murya ta ce "yanzu tsaya", sai kiɗa ya yi ƙasa, bayan hoton ya ɗan dushe, allon wayar ya matso kusa, layi ya zagaye sunan a hankali. Sannan babu abin da zai sake motsawa na tsawon sakan uku. Sakan uku a bidiyon talla lokaci ne mai tsawo, kuma mai ba da aiki zai ce a rage. Kada a rage. Mai karatu a hankali yana bukatarsu, wanda bai iya karatu ba kuma yana bukatar ya gane cewa nan ne wurin da zai miƙa wa ɗansa ko maƙwabci wayar ya karanta masa sunan.

Yadda ake sa abu ya motsa

Bidiyo jerin hotuna ne da ake nunawa da sauri. A tsarin talabijin na Gana da Najeriya da Nijar hotuna 25 ne a sakan, ke nan bidiyonmu hotuna 1,125 ne. Ba a zana su ɗaya bayan ɗaya. A manhaja irin After Effects, wadda yawancin masu wannan sana'a ke aiki da ita, kowane abu yana kan shimfiɗarsa dabam: waya dabam, yatsa dabam, rubutun allo dabam. Mai zane yana gaya wa manhajar cewa a hoto na 125 yatsa yana nan, a hoto na 135 yana kan maɓallin tauraro. Waɗannan alamomi biyu su ne `keyframe`, manhajar ce ke cike abin da ke tsakaninsu. Wanda ba shi da kwamfuta zai samu irin wannan tsari a Alight Motion ko CapCut a kan waya, kuma don aiki irin namu sun wadatar.

Idan aka bar manhajar da kanta, za ta tafiyar da yatsan da gudu iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, ya tashi kwatsam ya tsaya kwatsam. Babu hannun mutum da ke tafiya haka, shi ya sa ido ke jin wani abu bai yi daidai ba ko da mai kallo bai iya faɗin mene ne ba. Maganinsa a sa motsin ya fara a hankali, ya yi sauri a tsakiya, ya sauka a hankali. A After Effects ana kiran wannan `Easy Ease`, maɓallinsa `F9`. Amfaninsa ya wuce kyau: saukar da yatsa ke yi a hankali tana gaya wa ido tun da wuri inda zai tsaya, sai ido ya riga shi isa maɓallin.

Ga yadda danna `*170#` zai kasance cikin sakan shida da muka ware. Alamomi biyar ne, sai maɓallin kira, shida ke nan, kowanne sakan ɗaya. A cikin hotuna 25 na kowane sakan, yatsa ya yi tafiya a cikin goma, maɓallin ya haskaka a cikin biyar, alamar ta bayyana a saman allo, sauran goma kuma komai ya tsaya. A daidai lokacin da maɓallin ya haskaka murya ke faɗin sunansa, tare da ɗan ƙaran dannawa. Idan murya ta ce "bakwai" alhali yatsa yana kan ɗaya, ko da rabin sakan ne bambancin, mai koyo ya rikice. Hanyar gane wannan kuskure ita ce a kalli wurin a rabin gudu, a ga ko ƙara da haske da kalma suna faɗuwa tare.

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce abu ɗaya ke motsi a lokaci ɗaya. Sabon mai zane yana jin tsoron hoto ya tsaya, sai ya sa gajimare yana tafiya a baya, tambari yana bugawa a kusurwa, saurayin yana kaɗa kai, duk a lokacin da ake nuna lambar da za a danna. Ido ɗaya ne aka ba shi wurare huɗu, kuma sau da yawa gajimaren zai zaɓa.

Motsi na iya yin ƙarya

Wannan ne ɓangaren da masu zane suka fi sakaci da shi. Mai kallo yana ɗaukar jerin abubuwan da ya gani a matsayin jerin yadda suke faruwa. Idan takardun kuɗi suka tashi daga wayar saurayin da zarar ya rubuta 200, saboda mai zane ya ga nan ne ya fi kyau, an koya wa mutane cewa kuɗi suna fita kafin lambar sirri. Wanda layinsa ya yanke a tsakiya zai ɗauka kuɗinsa sun tafi. Wani kuma zai rufe wayar bai ƙarasa ba, yana zaton ya aika, Inna tana can tana jira. Kuɗin ba za su motsa ba sai bayan an sa lambar sirri an tura, domin haka abin yake a zahiri.

Su kansu takardun kuɗi masu tashi, da suka yi wa M-Pesa aiki, suna da iyaka. Suna nuna cewa kuɗi sun tafi, amma ba su nuna a wace siffa suka isa ba. Abin da ya isa wayar Inna saƙo ne da ƙarin lamba a asusunta. Takardar kuɗi tana wurin wakili, a rumfarsa mai launin rawaya a bakin kasuwa. Saboda haka na fi son a nuna abin hawa biyu. Da farko 200 ta fita daga asusun saurayin, a ga ragowarsa ya ragu, lambar ta bi layi a kan taswira ta shiga wayar Inna a matsayin saƙo. Sannan Inna ta taka zuwa rumfar wakili, a can ne za a fara ganin takardar kuɗi a bidiyon, tana fitowa daga hannun wakili zuwa nata. Sakan shida sun isa, kuma tsohuwar da ba ta taɓa yi ba ta san cewa akwai tafiya a gabanta.

Saƙon da ya iso shi ma a zana shi yadda yake zuwa, da sunan hidimar a samansa. Sananniyar damfara ce a Gana da Najeriya mutum ya turo saƙon bogi daga lambarsa, ya kira yana kuka wai ya yi kuskuren aika maka kuɗi, ka taimaka ka mayar. Bidiyon da ya saba wa ido da kamannin saƙon gaskiya ya rage wa ɗan damfara kasuwa ba tare da ya ambace shi ba.

Haka nan allon wayar. Rubutun `*170#` da Turanci yake fitowa, to a bar shi da Turanci harafi da harafi. Akwai masu fassara shi zuwa Hausa a cikin zanen da kyakkyawar niyya, sai mai kallo ya ɗauki wayarsa ya nemi "Aika Kuɗi" ya rasa. Hausa aikin murya ce, allo kuwa dole ya zama tagwayen abin da zai gani a hannunsa. Kada a tsallake mataki don a samu lokaci. Gurbin `Reference` ba shi da wani armashi, amma idan bidiyon bai nuna shi ba, mutum zai iske tambayar da ba a gaya masa ba, ya tsaya tunani. Irin wannan layi kuwa ba ya jira, idan aka daɗe ba a amsa ba sai ya yanke a koma farko. Kamfanoni suna sauya jerin zaɓinsu lokaci zuwa lokaci, don haka ranar da za a fara zane a danna lambar a waya ta gaske a kwafo kowane allo, a sake dubawa ranar da za a saki bidiyon.

Wace waya za a zana? Masu zane suna son babbar waya mai gilashi domin ita ke hannunsu. Amma wanda ya fi bukatar `*170#` shi ne mai ƙaramar waya mai maɓallai, tunda mai babbar yana iya sauke manhajar kamfanin. A zana mai maɓallai. Mai babbar waya zai gane ta, akasin haka kuwa ba lallai ba ne.

Lambar sirri kada ta bayyana ko da ta wasa ce. A nuna taurari huɗu, yatsan kuma ya ɓace a wannan wuri, ko hannu ya kare maɓallan, wanda shi ma darasi ne. Idan aka nuna 1234, akwai waɗanda za su ɗauka ita ce lambar da ake sawa, wasu kuma su mai da ita tasu. Lambar wayar Inna ma kada a ƙirƙiro cikakkiya, domin tana iya zama ta wani bawan Allah da zai wayi gari da kiran baƙi. A nemi lambar gwaji daga kamfanin, ko a rufe rabinta.

Sai kuɗin caji. Mutum yana son sanin nawa za a cire masa, kuma ɓoye shi yana jawo zargi ranar da ya gani da kansa. Amma caji yana sauyawa. Gana ta sa harajin aika kuɗi ta waya na kashi 1.5 cikin 100 a watan Mayun 2022, ta rage shi zuwa kashi 1 a farkon 2023, ta soke shi a 2025. Duk bidiyon da aka faɗi adadin da baki ya tsufa sau uku cikin shekara uku, kuma bidiyon da ya shiga WhatsApp ba a iya janye shi. Dabarar ita ce murya ta yi shiru a kan adadi, layi ya nuna inda cajin ke fitowa a allon tabbatarwa, kusa da sunan. Idan dole sai an rubuta adadi, ya zauna a shimfiɗarsa shi kaɗai tare da wata da shekara, yadda gyaransa ba zai wuce minti biyar ba.

Daga kwamfuta zuwa wayar mutane

Bidiyon da ya yi kyau a babban allon ofis yana iya zama shirme a inda za a kalle shi. Don sitatus da TikTok a tsaye ake yin sa, faɗi 1080 tsawo 1920, kuma sama da ƙasan hoton ba naka ba ne, manhajojin suna ɗora sunaye da maɓallansu a wurin. Duk abin da ake so a karanta ya zauna a tsakiya. WhatsApp yana matse bidiyo, wanda aka tura aka sake turawa kuma ya ƙara dushewa. Abin da ke fara mutuwa shi ne siririn rubutu da launuka masu kama da juna. Farin rubutu a kan rawaya, alal misali, ba ya karantuwa a rana ko da ba a matse shi ba. Baƙi mai kauri a kan rawaya yana jurewa. A nan zane ya fi hoton kyamara, domin shimfiɗaɗɗen launi ba ya cin wuri: bidiyon sakan 45 a kan megabit 2 a sakan bai wuce megabait 11 da ɗan kai ba, kuma zane yana fita tsaf a haka.

Mutane da yawa suna kallo ba sauti, a mota ko a cikin jama'a, don haka ana sa gajeren rubutun Hausa a ƙasan wayar da aka zana: "Duba sunan", "Sa lambar sirri". A nan ne matsalar ƙ da ɗ da ɓ ke fitowa, da ƴ ga masu rubutun Nijar. Yawancin salon haruffan talla ba su da su. Manhajar za ta nuna akwati fanko, ko ta aro harafin daga wani salo, ya fito siriri a tsakiyar masu kauri. Tun kafin a fara a rubuta "kuɗi", "ƙasa" da "ɓera" a salon da aka zaɓa a duba. Noto Sans da Andika suna da su duka, kuma kyauta ne. A duba alamar kuɗin ma, ₵ ko ₦, ita ma takan ɓace. Wanda zai saki irin wannan talla a Najeriya kuma ya tuna cewa dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON ta wajabta a kai talla a tantance kafin a fitar.

Gwajin ƙarshe ba a ɗakin taro ake yin sa ba, domin duk wanda ke wurin ya riga ya iya aika kuɗi, kuma abin da zai ce bai wuce a ƙara girman tambari ba. A tura bidiyon ta WhatsApp zuwa waya mai araha, a fita da ita waje. A samu mutum biyar ko shida da ba su taɓa aikawa da kansu ba, a cikinsu a samu dattijuwa da wanda bai yi boko ba. Kowa ya kalla sau biyu, sannan a ba shi waya a ce ya aika sidi ɗaya zuwa wata lamba, a yi shiru a zuba ido. Kada a tambaye shi ko bidiyon ya yi kyau, kunya za ta sa ya ce ya yi. Inda yatsansa ya tsaya yana shawagi, wurin ya yi sauri a bidiyon, a ƙara masa sakan. Idan ya nemi gidan dara ya rasa, ba a nuna inda maɓallin yake da kyau ba. Idan ya wuce sunan bai duba ba, sakan ukun nan ba su yi aikinsu ba, a koma kansu. Idan mutum uku suka tsaya a wuri ɗaya, laifin na zanen ne, kuma ba a saki bidiyon sai an gyara an sake gwadawa da wasu mutanen dabam.